Hukuncin Shan Maganin Tari Fiye Da Ƙima Don A Bugu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya daina shan kodin tun da aka hana shi a 2018, amma ya koma wa wani maganin tari mai dekstrometofan. Rannan na same shi a jingine da bango, idanunsa na rawa, na kira sunansa har sau uku bai amsa ba. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce mini ji ya yi kamar yana kallon jikinsa daga sama. Hujjarsa ita ce wannan ba giya ba ce, kuma a kemis ake sayarwa. Mene ne hukunci? Mu ma ya haramta mu sha idan muna tari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ba a yi wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari mu fara da maganin kansa.

Dekstrometofan, wanda a wasu kwalaye ake rubuta shi da DM, aikinsa kwantar da wurin da ke tayar da tari a ƙwaƙwalwa. Ƙimar babba ba ta wuce miligiram 120 a yini, a rarrabe. Idan ya shiga jiki, hanta takan juya shi zuwa wani sinadari, dekstrofan. A ƙimar likita ɗan kaɗan ne, hankali ba ya taɓuwa. Idan aka kwankwaɗa da yawa kuwa, sai ya toshe wasu ƙofofi da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo ta cikinsu, waɗanda likitoci ke kira NMDA. Su ne dai ƙofofin da ketamin, maganin sa barci a ɗakin tiyata, yake toshewa. Ido yana gani, kunne yana ji, amma saƙon ba ya haɗuwa ya zama fahimta. Abin da ƙanenka ya kira kallon jikinsa daga sama ke nan. Ba buɗi ba ne, ba kuma aikin iska ba ne, igiyar da ke tsakanin jiki da hankali ce ta saki.

Wanda ke cikin wannan hali yana iya shiga titi bai sani ba, ko ya yi amai a kwance ya shaƙe. Sannan ba kowace hanta ke narkar da maganin da sauri ba, shi ya sa abin da wani ya sha ya tashi, wani ya kai shi gadon asibiti. In aka haɗa da tiramadol ko wasu magungunan ciwon damuwa, sinadarin serotonin yakan yi ambaliya: zazzaɓi mai tsanani, gumi, karkarwa, sandarewar tsoka, har farfaɗiya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ake cakuɗa shi da shi. Ɗauki irin da ke da farasitamol miligiram 650 a kowane mililita 30. Kwalba mai mililita 240 ta ƙunshi miligiram 5,200, alhali iyakar babba a yini 4,000 ce. Yaro zai farka yana jin garau, hantarsa kuwa tana lalacewa a ɓoye, sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ciki da shawara su bayyana. Saboda haka duk ranar da ya shanye irin wannan, ka kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, kada ka jira alama.

To, hukunci. Shan sa don a gusar da hankali haramun ne. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka, kuma kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo ta tsare. Cewa ba giya ba ce ba ta kuɓutar da shi, domin shari'a abin da abu ke yi wa hankali take dubawa. Sayar da shi a kemis ma ba hujja ba ce. Ai wuƙa ma a kasuwa ake sayen ta.

Game da ku masu tari, wani zai kawo hadisin Jabir, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne. Malamanmu na Malikiyya, kamar Imam Ƙarafi, sun bambance muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi irin na giya, da mufsid, mai ɓata hankali ba tare da wannan ba, da murƙid, mai ɗauke hankali da ji gaba ɗaya. Hadisin sun ɗora shi kan na farko. Biyun ƙarshe ba najasa ba ne, babu haddi a kansu sai ladabtarwa, kuma gwargwadon da ba ya taɓa hankali ya halatta. A fahimtata wannan magani yana cikinsu. Ku sha a ƙimar da likita ya faɗa, da cokalin awo, sai dai ku kulle kwalbar inda hannun ƙanenka ba ya kaiwa.

Sallolin da suka wuce shi yana cikin wannan hali zai rama su, tunda shi ya jawo wa kansa, kuma alwalarsa ta warware. Ka zaunar da shi ba da duka ko tonon asiri ba, ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, don wanda ya bar kodin ya kama wani abu, akwai abin da yake gudu wanda har yanzu ba a taɓa ba. Wallahu a'alam.