Ƙarar diyya: a shigar da ita lissafi ko a ambata kawai?

"Tsohon ma'aikacinmu ya kai kamfaninmu ƙara a Kaduna, yana neman naira miliyan 8. Mu rubuta ta a matsayin bashi?"

Malam, fara tambayar lauyanku. A ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 37, idan yiwuwar ku biya ta rinjayi ta rashin biya, kuma ana iya ƙiyasta kuɗin, dole ku yi tanadi: ya shiga kashe-kuɗin bana, ya zauna cikin basussuka. Sharaɗi shi ne abin da ya jawo ƙarar, misali sallamarsa daga aiki, ya faru kafin rufe shekara.

Ba miliyan 8 ɗin za ku rubuta ido rufe ba. In lauya ya ce miliyan 5 ce ta fi kusa, ita ce tanadin.

In kuwa ya ce zai yiwu amma bai rinjaya ba, bayani kawai za ku yi a ƙasan rahoton kuɗinku. Masu binciken lissafi za su nemi wasiƙar lauyan, ku ajiye ta.