Turancin Imel Ga Wanda Shi Ma Koyon Turanci Ya Yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Sabon Gari, Zariya, kuma ina sayo injinan ban ruwa daga wani kamfani a ƙasar Sin. Na rubuta musu "Please hold on with the second batch and revert with a ballpark figure ASAP", ina nufin su dakata da kashi na biyu na kayan, su aiko mini da ƙiyasin farashi. Sai suka ci gaba da haɗa injina 40, farashin kuwa shiru. Malam, ina na yi kuskure, kuma yaya zan riƙa rubuta musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Nahawunka bai karye ba, abin da ya faru shi ne ka yi wa mutumin da ya koyi Turanci a aji magana da Turancin da sai a bakin mutane ake tsintar sa.

Ka tuna da baƙon da ya zo Samaru karatu, ya fara koyon Hausa, aka gaya masa cewa "ci" shi ne sa abinci a baki. Ranar da ya ji an ce wane ya ci bashi, wane ya ci amana, wance ta ci jarrabawa, babu kalmar da ta gagare shi, amma ma'anar ta wuce shi. Da a ce wata doguwar kalma ce da bai taɓa ji ba, da ya tsaya ya tambaya. Tun da kuwa ya san kowace kalma, sai ya ɗauka ya gane, ya yi aiki da abin da ya fahimta. A ganina wannan shi ne babban haɗarin da ke cikin imel na kasuwanci: ƙananan kalmomi masu sauƙi da ake haɗawa su ba da wata ma'ana dabam sun fi manyan kalmomi ɓarna.

Haka "hold on" take. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar tana nufin a jira, tana kuma nufin a daure a ci gaba, sannan da ka bi ta da "with" sai ta yi kama da "go on with", wadda ke nufin a ci gaba da aiki kai tsaye. Ma'aikacin da ke da wasiƙu da yawa a gabansa, wanda kuma yake son ciniki ya faɗa, zai fi karkata ga ma'anar da ta dace da burinsa. Irinta suna da yawa, kamar "put off" da "call off", waɗanda ɗaya ɗagewa ce ɗaya kuma sokewa, alhali bambancinsu a ido kalma guda ce. Kowace tana da takwara mai ma'ana ɗaya tak, wato "postpone" da "cancel", kuma su ya kamata ka ɗauka ko da sun fi tsawo. Masu rubuta littattafan gyaran jirgin sama sun daɗe da gane haka. Tun 1986 suke da tsarin Turanci na musamman, wanda yau ake kira ASD-STE100, inda aka tsayar wa kowace kalma ma'ana guda, aka kuma hana jimlar umarni wuce kalma 20, domin makanikin da Turanci ba harshensa ba ne kada ya ɗaure abin da aka ce ya kwance.

Sauran kalmomin wasiƙarka kowace da inda ta fito. "Ballpark figure" daga filin wasan ƙwallon baseball na Amurka take, wanda bai saba da Turancinsu ba zai ga an haɗa masa fili da lamba kawai. "Revert" kuwa tamu ce. Mu a Nijeriya, da mutanen Indiya, muna amfani da ita da nufin a ba da amsa, amma ma'anarta ta asali a ƙamus ita ce komawa ga yadda abu yake a da. Wannan shi ne wurin da muka fi tuntuɓe, domin Turancin ofisoshinmu ba ya yi mana kama da na gida, a kunnenmu shi ne ma Turancin manya. Kalmomi irin su "next tomorrow" da "the price has K-leg" da zarar sun tsallake iyaka sai su zama baƙi. Ita kuma "ASAP", wato a yi da gaggawa, ko an gane ta, ba ta faɗi rana ba.

Ga yadda zan so ka rubuta wancan saƙon:

```
Please do not produce the 40 pumps in Order 2 now.
We will send you our decision on 14 May.
Please send an estimated price for 60 pumps, in US dollars, by 9 May, 17:00 China time.
```

Na sa 60 da waɗannan ranaku ne a matsayin misali, sai ka musanya su da naka. Ka lura cewa kowane layi buƙata ɗaya ya ɗauka, kuma hanin ya fito ƙarara da "do not". An rubuta sunan wata da haruffa, domin 09/05 a wurinmu 9 ga Mayu ce, a Amurka 5 ga Satumba, su kuma Sinawa da shekara suke farawa, sai wata, sai rana. An kuma faɗi agogon da ake nufi, saboda suna gabanmu da awa 7, ƙarfe 5 na yammacinsu ƙarfe 10 na safe ce a Zariya.

Kafin ka aika kowane saƙo, akwai gwajin da mai jin Hausa yake da shi a hannu. Ka ɗauki jimlar ka juya ta zuwa Hausa kalma bayan kalma, kamar yadda ɗan aji ɗaya zai yi. "Send the price" za ta ba ka "aiko da farashin", lafiya lau. "Touch base" za ta ba ka "taɓa tushe", wadda ba ta nufin komai, to ka san salon magana ce, ka cire ta ka faɗi abin da kake so a yi. Gwajin yana da iyaka, domin ba zai kama irin su "revert" ba, tun da kai ma'anar gida za ka ba ta. Waɗannan sai ka duba ƙamus na masu koyon Turanci, kamar na Oxford ko Longman, ka ga ma'anar da aka sa a farko.

Kada kuma gudun salon magana ya sa ka zubar da kalmomin sana'a. FOB da CIF ƙa'idojin ciniki ne na duniya da ke cikin Incoterms 2020, wanda kake ciniki da shi ya san su sarai, cire su ne ma zai kawo ruɗani. Gaisuwa da godiya su ma suna nan daram, sai dai a yi su a jimla guda mai sauƙi.

Game da injinan da aka riga aka haɗa, ka rubuta musu yau da irin wannan Turancin, ka bayyana abin da ka nufa ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, sannan ka tambaye su ko za su ajiye maka kayan zuwa wata rana da za ka ambata. Idan amsar da ta dawo "OK, noted" ce kawai, ko kuma sun amsa rabin tambaya sun bar rabi, kada ka ɗauka an fahimce ka. Ka sake aika layi ɗaya, "Please reply with the quantity and the date that you understood", kuma kada ka tura kuɗin cikon sai lambobin da suka rubuto sun yi daidai da naka.