Tab huɗu a kowane layi

"Oga, wani kwastoma ya turo hoton allon Excel ɗinsa ta WhatsApp, wai a mayar masa da shi rubutu mai `Tab` tsakanin gidaje, fomula kuma ta fito yadda take a hoton. Na buga, na liƙa a Excel don gwaji, sai lissafin ya hargitse, har da wani gargaɗi ya fito. Ina matsalar take?"

Kawo hoton tukuna, kada ka taɓa kibod. Dubi saman teburin: A, B, C, D, E. Kwalam biyar ke nan. Tunda biyar ne, kowane layi da za ka buga sai ya ɗauki `Tab` huɗu, ko gidajensa a cike suke, ko babu komai a ciki. `Tab` ba tazara ba ce ta gyaran fuska, ita ce ke ce wa Excel ya tsallaka gida na gaba. Idan gida babu komai, sai ka danna ta sau biyu a jere, ka wuce. Kai kuwa da idonka ya ga fili, sai hannunka ya ɗauka babu aiki a wurin.

Ga yadda teburin mutumin ya kamata ya fito. Na sa kibiya a duk inda `Tab` take don ka gani, kai ba kibiya za ka buga ba:

```
Kaya→Adadi→Farashi→Ragi→Jimla
Shinkafa→4→52000→→=B2*C2-D2
→→→→
Gishiri→10→3500→500→=B4*C4-D4
Jimla→→→→=SUM(E2:E4)
```

Dubi layin shinkafa. Ba a yi wa mai saye ragi ba, don haka gidan D2 babu komai, shi ya sa kibiya biyu suka haɗu. Kai guda ɗaya ka sa. Sai fomular da gidanta E2 ne ta zame ta faɗa D2. To fomular kuwa cewa take a cire abin da ke D2, ga shi ita kanta ce ke zaune a D2, tana neman ta cire kanta daga kanta. Gargaɗin `circular reference` da ka gani daga nan ya fito. E2 kuma ya zama fanko, kuɗin shinkafa 208,000 bai shiga jimla ba. In wannan ne kaɗai kuskuren, inda ya kamata a ga 242,500, sai a ga 34,500 na gishiri kaɗai.

Layi na uku ma haka. Ka ga babu komai a cikinsa, ka tsallake shi don ka rage wa kanka aiki. Amma fomular da aka liƙa daga rubutu ba ta gyara kanta. Idan ka kwafe gida daga Excel zuwa wani gida a Excel, shi da kansa yake sauya B4 ta koma B3. Daga Notepad kuwa, abin da ka buga shi zai zauna, harafi da harafi. Da ka cire layin banza, gishiri ya hau layi na 3 alhali fomularsa tana kallon layi na 4, inda yanzu babu adadi babu farashi, sai ta ba ka sifili. Saboda wannan dalilin ne kuma dole ka liƙa rubutun a gidan da hoton ya fara. In hoton daga A1 ya fara, a A1 za ka liƙa. In daga B6 ya fara, B6. Lambobin layi da ke gefen hagu su za ka bi, kuma ka lura ko sun yi tsalle: in ka ga 4 sai 7, an ɓoye layi biyu, sai ka bar musu gurbi. Haruffan sama ma kan yi irin wannan tsallen.

Akwai abin da ke ruɗin ido, shi ne ya fi cin sababbin hannu. Dogon rubutu a gida ɗaya yakan malala ya rufe gidan da ke kusa da shi idan wancan babu komai. Sai ka ga kamar kalmomin ƙarshe a B suke, alhali duka na A ne, B fanko ne. Alamarsa ita ce zaren da ke raba gidajen biyu ya ɓace a ƙarƙashin rubutun. Idan kuwa maƙwabcin yana da abu a ciki, rubutun yankewa yake yi a bakin zaren, sauran ya ɓuya. Wannan ba za ka ƙarasa shi da ka ba, sai an tambayi mai shi. Gidajen da aka haɗe suka zama ɗaya, kamar kanun da ya shimfiɗe daga A zuwa E, rubutun na gidan farko ne na hagu, sauran huɗun fanko, ka ba su `Tab` ɗinsu.

Batun fomula kuma, abin da hoto ya nuna shi kaɗai za ka rubuta. Wannan kwastoman ya kyauta, ya kunna `Show Formulas` kafin ya ɗauka, shi ya sa kake ganin su duka a gidajensu. Wani hoton kuwa lambobi kawai za ka gani, sai fomula ɗaya tak a sandar sama, ta gidan da aka danna. Ita kaɗai ka sani. Ko da ka ga 4 da 52000 sun haifi 208000, kada ka ƙirƙiro `=B2*C2` ka sa, don ba ka san ko da hannu aka buga lambar ba, ko akwai ragin da bai fito ba. Ka rubuta lambar yadda take. In fomulolin yake so, ya danna `Ctrl` tare da maɓallin da ke ƙarƙashin `Esc`, ya sake ɗauka. Sai dai ka sani, a wannan yanayin kwanan wata kan rikiɗe ya koma lamba: 1 ga Janairu 2024 sai ya fito 45292. Ba kuskure ba ne, kada ka gyara. Haka in hoton daga Maraɗi ko Damagaram ya zo ka ga `=SOMME(E2:E4)`, Excel ɗin Faransanci ne, ka kwafe shi yadda yake, amma ka san ba zai yi lissafi a na shagon nan ba sai an mayar da shi `SUM`.

Wajen liƙawa, ka tambaye shi abu ɗaya: so yake fomula ta yi lissafi, ko a gan ta a rubuce? Duk abin da ya fara da `=` Excel lissafa shi yake yi nan take. In gani ake so, ka zaɓi gidajen, ka mayar da su `Text` kafin ka liƙa, ba bayan ka liƙa ba. Wannan dabarar ce kuma ke hana lambar kaya irin 0045 komawa 45.

Ni ban hana ka amfani da manhajar da ke karanta rubutu daga hoto ba, tana rage wahalar yatsu. Amma haruffa take gani, fili ba ta ƙirga shi da kyau, ga ta da musanya O da 0 a cikin fomula. Ko da ita ka yi, ko da hannu, kafin ka miƙa aiki ka zuba shi a Word ka danna `Ctrl+Shift+8`, kowace `Tab` za ta fito kibiya. Ka bi layi-layi kana ƙirgawa, huɗu, huɗu, huɗu, har da waɗanda ke ƙarshen layi idan gidan ƙarshe ne fanko. In ta `Text to Columns` za ka shigar, ka tabbata babu alama a kan `Treat consecutive delimiters as one`, don ita za ta dunƙule `Tab` biyun nan su koma ɗaya, ka dawo gidan jiya.

In kuma wata rana ka ci karo da gida cike da `#####`, kwalam ɗin ne ya yi wa lambar kaɗan, babu yadda za a ciro ta daga hoto. Ka ce wa mai shi ya faɗaɗa kwalam ɗin ya sake turowa. Yanzu koma layin shinkafa ka ƙara `Tab` ɗin da ta ɓace, ka mayar da layi na uku, ka liƙa a A1 mu ga ko 242,500 za ta fito.