Za a tayar mini da naƙuda: shin ruwan naƙuda yana fasa mahaifa?

Tambaya: Likita, cikina na huɗu ne, ya kai sati 41 babu ko alamar naƙuda. Sauran ukun duk da kaina na haife su. A wurin awo an ce in zo a ba ni gado a tayar mini da naƙuda, amma wai bakin mahaifa bai nuna ba, sai an fara sa mini roba. Maƙwabciyata ta ce ruwan naƙuda yana fasa mahaifa, gara in sayi ƙwaya a kemis in sha a gida. Wallahi tsoro nake ji.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je ki karɓi gadon nan, ƙwayar kemis kuwa, don girman Allah, kada ta shiga bakinki.

Mabiyiya ita ke ciyar da jariri, kuma tana da wa'adinta. Idan ciki ya haura sati 41 aikinta yakan fara ja baya, ruwan da jariri ke ciki ya ragu, haɗarin rasa shi tun a ciki ya riƙa ƙaruwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda a nan, muddin an tabbatar da lissafin satin. Akan tayar kuma idan faya ta fashe naƙuda ta ƙi zuwa, ko hawan jinin ciki ya yi barazanar jijjiga, ko akwai ciwon sukari, ko jariri ya daina girma. Ba a tayarwa idan jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya. Waɗannan sai tiyata.

Bakin mahaifa da bai nuna ba dogo ne, a rufe, ya koma baya, taurinsa kamar kan hancinki. Wanda ya nuna kuwa ya gajarce, ya dawo gaba, ya yi laushi kamar leɓe. Muna auna shi da hannu mu ba shi maki bisa ma'aunin da Dakta Edward Bishop ya fitar a 1964: buɗewa, gajarta, laushi, inda ya fuskanta, da yadda kan jariri ya sauko. Idan maki bai wuce 6 ba, sa ruwan naƙuda kai tsaye wahalar da mace ne, mahaifa tana ta matsawa ƙofa tana garƙame.

Robar da aka faɗa miki irin robar fitsari ce. Ana zura ta ta wuce bakin mahaifa, a hura 'yar balan-balan ɗin da ke kanta da ruwa, yawanci mililita 30 zuwa 60, a manne jelarta a cinya. Nauyinta yana danna bakin a hankali, jiki ya saki nasa sinadarin da ke sa shi laushi. Za ki ji ciwon mara kamar na al'ada. Sau da yawa cikin awa 12 takan faɗo da kanta, lokacin baki ya buɗe santimita 3 ko 4. Ina son wannan hanyar ga mace irinki mai haihuwa da yawa, domin ba kasafai take sa mahaifa ta wuce gona da iri ba.

Ɗaya hanyar ita ce ƙwayar misofurostol, wadda na fi kyautata zaton ita maƙwabciyarki ke nufi. Magani ne mai kyau a hannun wanda ya san awonsa. Ƙwaya guda ta kasuwa maikurogiram 200 ce, abin da ake ba mai ciki a wata tara kuwa 25 ne kacal a kowane zubi. Mu a asibiti narkar da ita muke yi a ruwa, mu auna da sirinji, mu saurari zuciyar jariri kafin kowane zubi da bayansa. Wadda ta haɗiye ƙwaya guda a ɗakinta ta sha ninki takwas ke nan, kuma idan ta shiga jini ba a dawo da ita. Macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ba a ba ta ita don tayar da naƙuda, saboda tabon yana iya tsagewa.

Maganar maƙwabciyarki ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Duk lokacin da mahaifa ta matse, jinin da ke zuwa mabiyiya yana raguwa, sai ta saki jariri ke samun iskarsa. Hutun da ke tsakanin murɗawa biyu shi ne numfashinsa. Naƙuda mai kyau murɗawa 3 zuwa 5 ce cikin minti 10. Idan ta haura 5 kuma ta ci gaba a haka, ko guda ɗaya ta kai minti 2 ba ta saki ba, ta yi yawa. Jariri ke fara galabaita: bugun zuciyarsa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, sai ya riƙa faɗuwa. Idan aka yi biris, mahaifar ma tana iya fashewa, musamman wadda ta sha haihuwa ko mai tabo.

Akwai wata da ba na mantawa. Cikinta na uku, sati 41 da kwana biyu. Roba ta faɗo da asuba, aka fasa faya, aka ɗaura ruwan naƙuda, wato oksitosin, ana ƙara ɗigonsa kaɗan-kaɗan duk rabin awa. Wajen hantsi ungozoma ta ɗora tafinta a kan cikin tana kallon agogon bango, ta ƙirga murɗawa 7 cikin minti 10. Cikin ya yi tauri kamar ƙwarya, zuciyar jariri ta sauko 95. Nan take ta rufe ruwan, muka juya matar ta kwanta a hagunta, muka saki ruwan jijiya zalla. Na sa an zuƙo allurar tabutalin, mai sassauta mahaifa, amma ba mu kai ga yi mata ba. Oksitosin ba ya daɗewa a jini, 'yan mintoci ne. Kafin kwata ɗin awa ciki ya fara saki, zuciya ta koma 140. Bayan mun tabbatar komai ya daidaita muka mayar da ruwan a rabin ɗigon da yake a da, ta haihu da kanta bayan azahar. Da ƙwaya ta sha a gida, ko allurar naƙuda aka caka mata a cinya, ba abin da za a rufe. Allurar oksitosin ta cinya sai bayan jariri ya fito ake yin ta, don tsayar da jini.

In kin kwanta, ki faɗa musu duk abin da kika sha, har jiƙo da sassaƙe. Ba za mu yi miki faɗa ba, awon magani muke so mu daidaita. Idan an ba ki ƙwaya, sai an bar aƙalla awa 4 kafin a ɗaura ruwa. Kada mai jinyarki ta taɓa makunnin ruwan don wai ya yi sauri. Idan kika ji ciwo ba ya saki, ko kika ga jini, ko ruwan faya ya zo kore, ko kuma naƙuda mai ƙarfi ta ɗauke lokaci guda kina jin jiri, ki ɗaga murya ki kira ungozoma, kada kunya ta sa ki daure. Ki kuma shirya wa zaman kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa, ki taho da wanda zai iya ba da jini in an buƙata. Allah Ya raba lafiya.