Rahoton masu sake sayayya yana nuna raguwa, amma ciniki bai ragu ba

Tambaya: "Ina da ƙaramin shago a intanet. Rahoton da ke fito mini da kansa duk wata yana nuna masu dawowa sayayya suna raguwa, alhali ciniki yana nan yadda yake. Ina matsalar take?"

Malam, kafin hankalinka ya tashi, fara duba ranar da ake fitar da rahoton, domin a shekarun da na yi ina haɗa wa ƙananan shaguna irin wannan lissafi, galibin ƙorafin da ake kawo mini daga nan yake tasowa.

Ƙa'idar irin wannan rahoto ita ce kowane mai saye yana shiga rukunin watan da ya fara sayayya, kuma ba ya barinsa. A PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, haka ake ware rukunin:

```sql
SELECT customer_id,
       DATE_TRUNC('month', MIN(order_date)) AS cohort
FROM orders
WHERE status = 'paid'
GROUP BY customer_id;
```

A ce mutum 200 ne suka fara saye a Janairu. Idan 40 daga cikinsu suka sake saye a Fabrairu, kashi 20 cikin ɗari ke nan. Idan 24 suka saya a Maris, kashi 12. Mutane ake ƙirgawa, ba yawan oda ba, kuma kullum da 200 ɗin nan ake rabawa.

To, idan rahoton ya fito ranar 10 ga Afrilu, rukunin Maris bai samu cikakken wata ba tukuna, sai ka ga kashi 6 a gurbin da rukunin Janairu ya ba da 20, ka ɗauka mutane sun guje ka, alhali watan ne bai ƙare ba. Alamar hakan ita ce adadin ƙarshe na layin kowane rukuni a teburin rahoton ya faɗi ƙasa warwas. Maganinsa kuwa shi ne a saita rahoton ya riƙa fita bayan watan ya ƙare, a bar gurbin watan da ake ciki babu komai, kada a cike shi da sifili.

Idan ba nan matsalar take ba, ina zargin masu saye ba tare da buɗe asusu ba ne, saboda wasu manhajojin sukan ba irin wannan mutum sabuwar lamba duk lokacin da ya dawo. Tsohon abokin ciniki sai ya koma baƙo a idon lissafi: sababbi su kumbura, masu dawowa su ragu, kuɗin shiga kuwa ko gezau. A haɗe su ta adireshin imel bayan an mayar da shi ƙananan haruffa, ko ta lambar waya da aka rubuta da tsari guda.

Sannan ka nemi rahoton ya riƙa nuna yawan mutanen kowane rukuni kusa da kason. A rukunin mutum 25, mutum ɗaya kashi 4 ne, don haka idan shagonka bai wuce nan ba, gara a haɗa wata uku-uku a matsayin rukuni ɗaya.