Na zuba jika 500 a FCP, washegari na ga 490.188, an ci ni ne?

Tambaya daga Tawa: Salamu alaikum Malam. Ran Litinin da yamma na sa jika 500 cikin wani FCP, wato asusun haɗaka da kamfani ke juya ma mutane kuɗɗinsu, ta hannun bankina, a allo na ga VL 12.500, na yi lissafi kaso 40 zan samu. Sai aka ba ni 38,75 kuma kuɗɗina suka koma 490.188 alhali an ce kasuwa hawa ta yi. Don Allah cuta ce ko mi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, na bi alƙalumman nan naka da na'urar lissafi, sun hau daidai, ba wanda ya taɓa maka ko dala. Abu biyu ne suka haɗu maka rana guda kuma wanda ya cika maka takarda bai tsaya ya yi maka bayani ba, wannan kam laifinsu ne.

VL ɗin nan da kake gani darajar kaso guda ce, ba wani ke zama ya yanka ta ba kamar farashin rago a kasuwar Badagishiri. Bayan an rufe kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, kamfanin da ke juya kuɗɗin asusun sai ya ƙiyasta duk abin da asusun ya mallaka, ya cire abin da ake bin shi, ya raba da yawan kason da ke hannun mutane:

```
VL = (actif - passif) / nombre de parts
```

Mu ɗauka asusun naku na da hannun jari irin su Sonatel da BOA Niger na miliyan 1.200 bisa farashin rufewa na ranar, da takardun bashin gwamnatoci na miliyan 700 har da ruwan da ya taru a kansu ko da ba a biya ba tukuna, da tsabar kuɗɗi miliyan 120 a banki. Jimla 2.020. Ana bin shi miliyan 20, ladan masu juyawa da na bankin da ke ajiyar takardun da sauran tarkace. Saura miliyan 2.000, a raba ma kaso 160.000, ga 12.500 ɗinka ta fito. Shi ladan juyawan nan kullum ake gutsurar shi kaɗan kaɗan, in kashi 2 cikin 100 ne a shekara to wajen jika 110 ke fita kowace rana daga asusu mai wannan girma, ba za ka taɓa ganin shi a takardarka ba don an riga an cire kafin a buga VL.

To 12.500 da ka gani ta riga ta wuce, tsohon lissafi ce. Kai kuma da yamma ka sa hannu, bayan lokacin da suke rufe karɓar oda, sai aka kai ka ga lissafi na gaba, na Talata. An yi haka da gangan, don in da ana saida ma mutum da tsohon farashi to mai wayo zai jira ya ga kasuwa ta hau sannan ya ruga ya saya da arha, ya ci daga aljihun waɗanda ke ciki tun da daɗewa. Ran Talata a ce hannun jarin sun hau kashi 2, miliyan 24 ke nan, 2.024 a raba ma 160.000 ya ba da 12.650. Da wannan aka yi maka.

Sai na biyu, kuɗɗin shiga. Farashin shiga shi ne VL a ɗora mata kamasho, naku da alama kashi 2 ne, 12.650 ta zama 12.903. Raba 500.000 da 12.903, kaso 38,75. Allo kuma yana nuna kasonka sau VL tsura ba kamasho, 38,75 sau 12.650, shi ne 490.188. Jika goma ɗin da kake nema can suka tafi.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne fita. Farashin fita VL ce a rage mata kamasho in asusun na da shi, wasu ba su karɓa, wasu sai in ka fita da wuri. In kashi 1 ne kuma haushi ya sa ka janye gobe VL ba ta motsa ba, 485.286 za ka kwasa. Kafin uwar kuɗɗinka ta dawo cif sai VL ta kai wajen 13.033, hawan kashi 3 ke nan. Shi ya sa ni ba na ba mutum shawara ya sa kuɗɗin da zai buƙata kafin Sallah a irin wannan asusu.

Ka koma bankin ka nemi takardar shaidar sayen, ka duba kwanan watan VL ɗin da aka yi maka aiki da ita da kashin kamashon, ka gwada su da abin da ke rubuce cikin note d'information, wato takardar bayanin asusun, nan ne ma za ka ga ko kullum suke lissafi ko sau ɗaya a mako, don ba duka ke yi kullum ba. In kwanan wata ko kashin ya saɓa da abin da ke rubuce, to nan kana da magana, ka rubuta musu ƙorafi, in sun yi shiru hukumar AMF-UMOA ce ke sa musu ido.