Takardar da aka tsinta a akwati da maganar da aka yi a gadon asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu a Garwa, ya bar mata ɗaya da mu 'ya'ya huɗu. Bayan sadakar bakwai muka tsinci takarda a akwatinsa, rubutun hannunsa ne da ajami, da kwanan wata da sa hannu, cewa ya ba ɗan ƙanwarsa da ya riƙa fili ɗaya bayan ransa. Ba shaida ko ɗaya a jiki. Kuma kwana biyu kafin cikawarsa ya faɗa wa limaminmu da wani maƙwabci cewa a cire sefa 400,000 a gina rijiya a masallaci, shago kuma na autanmu ne. Wanne za mu zartar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗan'uwa, ma'auni biyu ne a gabanku, kuma a wannan mas'ala sun juya wa juna baya. Abin da fiƙihun Malikiyya ya karɓa shi ne dokar gwamnati ta ƙi, wanda gwamnati ta karɓa kuma shi malamai ke ɗari-ɗari da shi.

Mu fara da takardar. A ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci, kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa ne ke aiki, kuma sashe na 970 ya gindaya wa wasiyyar hannu sharaɗi uku kacal: mai ita ya rubuta ta da hannunsa daga farko har ƙarshe, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ba a neman shaida, ba a neman hatimi, ba a kuma ce sai da Faransanci ba, don haka ajami bai rage ta da komai ba. Abin da ke kashe irin wannan takarda shi ne a buga ta da na'ura, ko a yi wa wani shifta ya rubuta shi kuma ya dangwala yatsa, ko a manta kwanan watan. Ku duba da kyau ko akwai rana da wata da shekara, ko kuma akwai layin da alƙalamin wani ya shiga. In an yi musun rubutun, sai a kwatanta shi da littafin bashinsa na kasuwa ko wasiƙunsa.

A wajen malamai kuwa, tabbatar da cewa hannunsa ne bai wadatar ba. Muhtasar na Halil ya faɗa ƙarara cewa ko an tabbatar rubutunsa ne, in bai kafa shaida a kai ba, bai kuma ce a zartar ba, to ba a zartarwa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna da tsofaffi. Mutum kan rubuta abu cikin dare yana shawara da zuciyarsa, gari ya waye ya sake tunani, takardar kuma ta ci gaba da kwanciya a ƙasan akwati shekara da shekaru. Saboda haka ku sake karanta ta kalma bayan kalma, ku ga ko ya rubuta "a zartar da wannan bayan raina" ko makamancinsa. Ku kuma tambayi abokansa na majalisa ko ya taɓa nuna wa mutum biyu ita ya ce su shaida abin da ke ciki wasiyyarsa ce. Ko bai karanta musu ba, wannan ya isa.

Maganar asibiti kuma a nan abin ya juye. A Malikiyya wasiyya tana ƙulluwa da baki, har da ishara in ana fahimtarta, matuƙar mai ita yana cikin hankalinsa. Ciwon ajali ba ya ɓata ta, gushewar hankali ce ke ɓatawa. Shi ya sa tambayar da alƙali zai yi wa liman ba "me ya ce" kaɗai ba ce. Zai tambaya ko ya gane su, ko maganarsa tana bin juna, ko shi ya faro ta da kansa ko wani ne ke jefa masa yana gyaɗa kai. Na taɓa zama a rabon wani gado inda shaidu biyu suka rantse marigayi ya ce "na yarda", da aka bi diddigi sai ga shi a wannan yinin yana kiran matarsa da sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun yana yaro.

Asalin shaidu maza biyu ne adilai, kamar yadda aya ta 106 a Suratul Ma'ida ta nuna. Tun da batun dukiya ne, namiji ɗaya da mata biyu ma sun isa, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar wanda aka yi wa wasiyyar in mutum ne sananne. Mai cin amfanin wasiyyar ba ya shaidar kansa, uba ko ɗa ba sa yi masa. Limaminku da maƙwabcin sun cika adadi, don haka rijiya ta tabbata. A kotun boko kuwa wasiyyar baki ba ta cikin hanyoyi uku da sashe na 969 ya sani, ko mutum goma suka ji ta. Amma in magada suka zartar da ita da yardarsu, ba wanda zai hana.

Shagon auta ba matsalar shaida ce da shi ba. Ba wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun amince bayan rasuwa, kuma a nan kyauta ce daga rabonsu. Kowa nasa kason kaɗai yake iya bari, kuma ba a yafe haƙƙin yaron da bai balaga ba da sunansa.

Sai lissafi. A ce bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi sefa miliyan 9 suka rage, filin kuma ya kai 2,500,000. Sulusi, wato iyakar wasiyya a wajen malamai, shi ne miliyan 3, fili da rijiya kuma 2,900,000 ne, sun shiga ciki. Ɗan 'yar'uwa ba magaji ba ne a nan, saboda haka ba abin da ya tare shi ta wannan fuskar. Sai dai sashe na 913 ya ce mai 'ya'ya uku ko fiye rubu'i kawai yake da ikon bayarwa, wato 2,250,000, filin ya haura da 250,000 ke nan, kuma 'ya'ya na iya neman a rage.

Wane ma'auni za a bi ya dogara da inda kuka kai maganar. Sulhun gida ko na alƙalin fadar Lamiɗo yana tafiya ne da yardarku. Kotun al'ada ta gwamnati, bisa dokar 19 ga Disamba 1969, tana sauraron gado ne in duk ɓangarori sun yarda da ita. Mutum ɗaya ya ƙi tun kafin a shiga gundarin shari'a, sai a koma kotun boko, inda takardar akwati za ta miƙe, maganar asibiti ta faɗi. Ɗan gwaggonku zai iya yin haka.

A ganina, mutumin da ya sa kwanan wata ya kuma rattaba hannu ba shawara yake yi ba, kuma da ni ne da na ja hankalin 'yan'uwa a ba yaron filin. Kafin taron dangi, kada kowa ya yi rubutu a jikin takardar ko ya lulluɓe ta da leda mai zafi. Ku ɗauki hotonta, ku damƙa asalin a hannun wanda kowa ya aminta da shi, don asalin kotu za ta nema kafin a ajiye ta wurin noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardun shari'a yana adana su. Liman da maƙwabcin kuma kowa ya rubuta abin da ya ji daban, da rana da lokaci da waɗanda ke ɗakin, tun a wannan makon.